Haladu da lissafin Zinnira

A Garo kowa ya san Haladu da abu biyu: iya kiwon shanun huɗa, da riƙon mutum a zuci. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Da suka rasu aka raba gona, Haladu ya ce ƙaninsa Muhsin ya ci masa iyaka, tun daga nan ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Muhsin malamin firamare ne, yana kuma koyar da yara lesin a zaurensa bayan la'asar. Asiya, matar Haladu, ita ta matsa aka sa 'yarsu Zinnira a wurinsa. Haladu bai hana ba, bai kuma taɓa leƙawa ba.

Wata ranar Laraba ya tarar da yarinyar tana kuka. An ba su aikin gida a makaranta, a haɗa rabi da ɗaya bisa uku, ta rubuta biyu bisa biyar, Bappanta Muhsin ya ce ta sake. Haladu ya lissafa da yatsu: ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar. Sai ya ɗauki waya ya aika saƙon murya, babu ko sallama.

“Kai Muhsin, amsar yarinyar nan daidai ce ko ba daidai ba? In ba daidai ba ce ka faɗa min dalili. In kuma ni kake nema, ka san gidana.”

Muhsin ya amsa a daƙile. “Yaya, ba daidai ba ce. Rabi da kashi ɗaya cikin uku girmansu ba ɗaya ba, sai an yanka su yanka iri ɗaya kafin a ƙirga. Raba rake gida shida. Rabinsa gida uku ne, ɗaya bisa ukunsa gida biyu. Biyar bisa shida ke nan. Biyu bisa biyar ko rabi bai kai ba. Ta yaya za a ƙara wa mutum kan rabinsa ya tashi da ƙasa da rabi?”

“Kai za a tambaya,” in ji Haladu. “Ai ka taɓa yi min.”

“Lissafi ka tambaye ni. Kar ka ƙara kawo min zancen gona ta bakin yarinya.”

Washegari Haladu ya cire Zinnira daga lesin, Asiya ta yi magana ya daka mata tsawa. Ya ɗora yarinyar a babur har Kabo, wurin wata Malama Badi'a, ya miƙa mata tambayar. Ta duba ta ce biyar bisa shida.

Bai yi musu ba. Ya dai ce nan Zinnira za ta ci gaba, kuma shi yake kai ta da kansa, ko da damina ana tsakiyar noma. In sun zo wucewa ta ƙofar Muhsin, yarinyar takan sunkuyar da kai ta ɗaga wa ƙawayenta hannu ta bayan rigar babanta.