Harafin C a Jikin Zuciya

Na yi shekaru ina aikin akawu a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a wajen unguwar Malam Inna, a Gombe. Ni ke buga takardu, ni ke riƙe da injin fotokofi. Karatuna na farko na allo ne, da ajami na fara rubuta wasiƙa, boko kuwa sai da na girma na same shi a ajin yamma. Allah Ya ba ni hannun zane tun lokacin da muke yi wa allo zayyana, saboda haka duk hoton da inji ya mayar baƙi ƙirin, ni ake kawo wa in zana da alƙalami, a manna a jikin takardar jarrabawa.

A ƙarshen zango na uku, malamar Bayoloji ta kawo mini littafi a buɗe a kan hoton zuciya. 'Yar kudancin Gombe ce, Batangaliya, mai tsanani a aji amma mai barkwanci a ofis. Jarrabawar ta 'yan aji ɗaya na babbar sakandare ce, kuma da ita ake tankaɗe: wanda bai kai maki hamsin ba, ya bar ajin kimiyya ya koma na kasuwanci.

Ta ce, "Baba Malam, ɗakuna huɗu ne. Na sama biyu ka sa musu A da B, na ƙasa C da D, a jere. Kada dai ka yi mata ado irin na allo."

Na ce, "Malama, zuciyar da Allah Ya ƙera ai ba ta neman adona."

Na zana ta da kulawa, har kaurin bangon da ke ƙasa ta gefen dama na takarda na fito da shi yadda yake a littafi. Da na zo sa haruffa, hannuna ya tafi inda ya saba farawa tun ina yaro. Na sa A a dama, B a hagu, na sauko na sa C a dama, D a hagu. Ban ji na yi wani abu ba. Malamar ta duba zanen, ta yaba da bangon, ba ta tsaya kan haruffa ba. Ita tuni ta rubuta jerin amsoshinta bisa lissafin cewa daga hagu za a fara, kuma da wannan jerin aka yi makin kowa.

Kwana uku bayan an kafe sunaye, wata ɗaliba ta shigo ofis lokacin hutun tara, ta durƙusa ta gaishe ni. 'Yar wani tela ce a unguwarmu ta Bagadaza, mukan haɗu da mahaifinta a sahun salla. Maki arba'in da takwas ta samu, sunanta ya faɗa ajin kasuwanci, ita kuwa aikin jinya take so tun tana ƙarama.

Ta ce, "Baba, Malama na nan? Akwai tambayar da aka soke mini, kuma ban ga inda na yi kuskure ba."

Na ce Malama ba ta nan. Ta shimfiɗa takardar a kan teburina.

"Duba, Baba. An ce wane ɗaki ne ke tura jini zuwa dukan jiki. Na ƙasa ne na hagu, shi ya sa bangonsa ya fi kauri. Na dama huhu kawai yake kai wa jini. Kuma Malama ta ce hoton kamar mutum ne yana fuskantarka, hagunsa na damarka. To ga mai kaurin nan, C ne. An ce wai D."

Na dubi zanen hannuna, na ga daga dama na fara sa haruffan. Kowace tambaya maki biyu ce. Na ce mata ta je, zan isar da saƙo.

Ban isar ba. Wannan shi ne abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Ranar Laraba ce, na yi shiru har Alhamis ta wuce. Ina gaya wa kaina mai yiwuwa yarinyar ta haƙura, mai yiwuwa ma kasuwancin ne alherinta. Gaskiyar magana kunya nake ji a ce tsohon da ake yabon hannunsa bai san ta inda ake fara A ba. Ranar Juma'a na hangi telan a ƙofar masallaci, ya ɗago mini hannu da fara'a, na kasa ƙarasawa wurinsa.

Litinin da safe na tare Malama kafin ta shiga aji, na nuna mata. Ta bi haruffan da kallo.

Ta ce, "Wayyo Allah. Daga dama ka fara?"

"Daga dama."

"Ni ma da idona na duba, ban gani ba. Amma Baba Malam, ka san abin da wannan ke nufi? Duk wanda ya manta darasin, ya nemi hagun takarda, D ya zaɓa, kuma mun ba shi maki. Waɗanda suka sani muka soke."

Muka tafi wurin shugaban makaranta tare. Ya saurare mu yana murza goshi.

Ya ce, "Sunaye sun riga sun je wa iyaye. Yanzu kuke zuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Tun Laraba na sani."

Ya ɗago ya dube ni kawai, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya umarci Malama ta sake bin takardun duka, ba ta yarinyar kaɗai ba. Ta zauna a ofishina tana bi ɗaya bayan ɗaya, ni ina miƙa mata. Yawanci canjin bai taɓa matsayin kowa ba. 'Yar telan ta tashi zuwa hamsin. Sai muka iso kan takardar wata ɗaliba, 'yar wani manomi daga Kwadon, wadda ke da hamsin cif, kuma D ta zaɓa, wato za ta sauko arba'in da takwas. Malama ta riƙe jan biro a sama, ta kasa saukewa.

Na koma wurin shugaban na roƙe shi a bar su duka biyu. Ya ce akwai wasu masu arba'in da takwas da aka riga aka fitar, da wane baki zai yi wa iyayensu bayani? 

Ni na buga sabon jerin sunayen, ni na kafe shi a allon sanarwa. Washegari na tsaya a bakin ofis lokacin da aka yi sauyin. A makarantar kowa da kujerarsa yake tafiya. 'Yar telan ta fito daga ajin kasuwanci ɗauke da tata, ɗayar ta fito daga na kimiyya, suka haɗu a baranda inda ba ta da faɗi. Ashe ƙawaye ne, benci ɗaya suke zama a ɗakin gwaji. 'Yar Kwadon ta raɓa jikin bango ta ba ta hanya, ta ce, "Wuce mana." 'Yar telan ta wuce kanta a sunkuye, ta shiga ajin kimiyya ta ajiye kujerarta can baya.