Bashin da aka ɗora wa mai gyaran agogo

An ci bashi da sunan yayana, kuɗin da ya isa sayen babur biyu, shi kuwa ko ƙofar kamfanin da ya ba da bashin bai taɓa gani ba. Wata goma sha ɗaya bashin yana haihuwa a kansa bai sani ba.

Yaya mai gyaran agogo ne. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a lungu guda, tsakanin mai shagon magani da mai ɗinkin labule, gabansa akwatin gilashi da ƙaramar fitila da gwangwanin da yake tara matattun batura. 'Yan layin suna kiransa Minti Biyar, domin ko agogon da mota ta taka ka kawo masa, abin da zai ce ke nan, sai ka dawo bayan sati. Da wannan akwatin ya biya mini kuɗin sakandare bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ya aurar da 'ya'ya uku. Bai taɓa cin bashin ko mai shayi ba. Matarsa takan ce ba tsoron Allah ne kaɗai ba, har da rowa, don wanda ya ci bashi wata rana za a zo nema a wurinsa.

Yana da wata ɗabi'a da ya koya wurin maigidansa. Duk agogon da ya buɗe, sai ya rubuta kwanan wata da ƙaramar lamba a cikin murfin baya, rubutun da ba ya karantuwa sai da gilashin da yake maƙalawa a ido. Ɗabi'ar ta bi shi har gida. Rasit, takardar asibiti, kwafin katin shaida, duk sai ya sa musu lamba a gefe, ya rubuta a wani tsohon littafi wanda ya ba wa da ranar da ya bayar. Mun sha yi masa dariya a kan wannan.

Sana'ar ta ja baya, kowa yana duba lokaci a waya. Sai ya yanke shawarar ƙara yankan makulli. Mai ɗinkin labule zai tashi, mai ginin ya yarda ya riƙe wa Yaya shagon zuwa ƙarshen watan nan. Abin da ya rage kuɗin inji da na haya. Ya je ƙaramin bankin da yake ajiya shekara da shekaru, ya cike takardar rance karo na farko a rayuwarsa. Bayan kwana huɗu suka ce ba za su bayar ba, sunansa yana cikin waɗanda suka ƙi biyan bashi.

Ya dawo ya zauna a tsakar ɗakina bai cire takalmi ba.

"Wai ni ake bi bashi," in ji shi.

Na ce, "Kai? Wa ya yi wannan gangancin ya ba ka?"

Bai yi dariya ba, sai na san maganar babba ce.

Washegari muka je ofishin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wanda bankuna ke tambaya kafin su ba da rance. Muka karɓi rahotonsa. Ga sunansa, ga ranar haihuwarsa, ga lambar katinsa, duk daidai. Lambar waya ba tasa ba ce. Ga sunan wani kamfanin da ke ba da rance ta waya. Ma'aikaciyar ta ce su abin da kamfani ya aiko suke rubutawa. Za su sa alamar cewa ana jayayya a kai, su tuntuɓi kamfanin, amma ba za su goge ba sai an tabbatar.

Muka yi abin da ta ce. Rahoton 'yan sanda, rantsuwar kotu, sannan wasiƙar ƙorafi da na rubuta da hannuna, kwafi biyu, na sa aka buga mana hatimin karɓa a kan namu.

Ofishin kamfanin yana hawa na biyu, ɗaki guda da kujerun roba da injin sanyi mai ɗigar ruwa cikin bokiti. Jami'in da ya saurare mu, bai fi sa'an ɗana na fari ba, ya juya allon kwamfutarsa ya nuna mana hoton fuskar Yaya.

"Baba, wannan ba kai ba ne?"

"Ni ne."

"To ka gani. Ka kawo ko kaɗan ne ka fara ragewa, sai mu duba maganar kuɗin ruwan."

Yaya ya fara laluben aljihu, saboda shi mutum ne da ba ya son a ɗaga masa murya. Na riƙe hannunsa.

Na ce wa jami'in, "Ɗana, in ya biya ko kuɗin ashana, gobe kai za ka ce ya amsa bashin nasa ne. Nuna mana takardun da aka kawo muku."

"Hajiya, ba haka muke aiki ba."

"Yadda kuke aiki ne ya kawo mu nan."

Sai da ya shiga ciki ya fito sau biyu kafin ya buga mana kwafin katin da aka turo musu. Yaya ya ciro gilashinsa ya maƙala a ido, ya sunkuya kamar yana duba cikin agogo. A ƙasan katin, dab da gefensa, akwai wani ɗan tabo da kowa zai ɗauka dattin injin kwafi ne.

"Arba'in da bakwai," in ji shi. Ya buɗe tsohon littafinsa ya bi da yatsa. "Masu tallafin sana'a. Kwafi ɗaya. Sun ɗauki hoto."

Nan ya tuna. Bara wasu mutum uku sun kafa rumfa a bakin layinsu da tebur da riguna iri ɗaya, suka ce suna rajistar masu sana'ar hannu don a ba su jari. Suka karɓi kwafin kati, suka sa kowa ya kalli waya ya juya kai dama da hagu. Kwana biyu suka yi, ba a sake ganinsu ba. Ranar da ke littafin Yaya ta riga ranar rancen da kwana shida.

Jami'in ya ce littafin hannu ba hujja ba ne. Na ce to ya duba lambar wayar, ya duba asusun da aka tura kuɗin. Asusun da sunan Yaya aka buɗe shi, a wani banki da bai taɓa shiga ba, a satin rumfar. Da muka koma layin muka tambaya, sai ga mai shagon magani da wani mai gyaran takalmi su ma sun yi rajistar. Suka je ofishin tarihin bashi suka karɓi rahotonsu. Su ma ana bin su, kamfani ɗaya, sati ɗaya.

Yau kwana ashirin da shida da miƙa wasiƙata. Manajan kamfanin ya kira ya ce sun gane ba Yaya ba ne, a yi haƙuri. Na ce ya rubuta. Ya ce sai sashen shari'a ya sa hannu. Jiya mun sake karɓar rahoto, bashin yana nan, bankin Yaya kuma ya ce da takarda yake aiki, ba da kiran waya ba. Na kai ƙara hukumar da ke sa ido a kan masu ba da rance, an ba ni lambar ƙorafi. Mai ginin ya riga ya kawo wani mai sayar da cajar waya ya auna shagon. Saura kwana tara.

Yaya yana nan a lungunsa, yana gaya wa mutane minti biyar, yana kallon ƙofar shagon.

Ku kamfanin, kun ba baƙo kuɗi cikin awa guda ba ku taɓa ganin idonsa ba. Ku rubuta wa yayana wasiƙa mai hatimi cewa ba kwa binsa komai, ku aika wa ofishin tarihin bashi ya cire sunansa da na maƙwabtansa biyu, kafin ƙarshen watan nan. In shagon ya kuɓuce masa, kuɗin hayar wani shagon a kanku yake, kuma ni zan zo karɓa.