Rokar da aka ba Salmanu da baki

Har ya tsufa, Salmanu bai daina zama kamar mai riƙe da sitiyari ba. Ko a kan benci ne a ƙofar gidansa na Shabu, sai ka ga hannuwansa sun ɗan miƙe gaba, ƙafarsa ta dama tana lalubar abin da babu shi a ƙasa. Bagwandare ne, ɗan manoma. Tun bai fara aske gemu ba ya bar fartanya ya bi ƙarar inji zuwa Lafia, ya faɗa hannun Alhaji Kyari, ɗan tsohon gida a cikin gari, mai motocin dakon doya. A gidan Alhaji ya koyi tuƙi, Alhaji ne ya nema masa auren Rekiya, shi ya raɗa wa ɗansa na fari suna. Baba yake kiransa, ba Alhaji ba.

A lokacin, idan direba ya daɗe yana bauta wa maigida bai ci amana ba, akan sallame shi da mota. A shekarar 1983, bayan sallar Juma'a, Alhaji Kyari ya tara mutanen tasha a zaurensa, aka raba goro, ya ɗora makullin wata babbar mota, roka mai bodin katako, a tafin Salmanu ya rufe da nasa hannun.

"Daga yau taka ce, ɗana. Allah Ya sa ka ci halalinka."

Salmanu ya durƙusa ya yi kuka. Ba wanda ya kawo maganar takarda, don neman a canza suna bayan kyauta irin wannan tamkar ce wa uba ne ba ka yarda da bakinsa ba. Katin mota ya zauna da sunan Alhaji, inshora ma haka. Babbar inshora ce, irin wadda ke biyan motar kanta, ba wanda aka buge kaɗai ba. Duk shekara Salmanu ke ciro kuɗinta daga aljihunsa ya kai ofishin kamfanin da ke hanyar Jos, a rubuta rasit da sunan Kyari, ya ninke ya tafi yana murna.

Ya yi wa rokar fenti kore, ya sa aka zana reshen dabino a ƙofofinta. Rekiya takan ce ko jaririnsu bai samu wankan da motar nan ke samu ba. Daga Obi da Agyaragu yake kwaso doya, kuma bai taɓa yarda mata 'yan kasuwa su hau kan kaya ba, duk da zagin da yake sha.

Da daminar 1987, yana dawowa daga Agyaragu da lodi, gefen wani kwalbati da ruwa ya cinye ta ƙasa ya burma da tayar baya. Rokar ta kwanta a hankali kamar saniya mai ciwo, mai ya tsiyaye, wuta ta kama. Salmanu ya fito ta taga da ƙuna a hannu. Ya tsaya a cikin yayyafi yana kallo, ƙamshin gasasshiyar doya ya cika dajin.

Mai duba buƙatun diyya a ofishin inshorar Mista Akaa ne, ɗan ƙabilar Tibi, siriri mai tabarau, mai Hausar kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Hatimi uku ne a teburinsa. Ɗaya na cewa an amince, ɗaya an ƙi, ɗaya a sake dubawa, kuma ba ya buga kowanne sai ya rubuta sashen da ya dogara da shi a ƙasa. Da Salmanu ya je, Akaa ya buɗe takardar inshorar ya bi ta da bakin biro. An biya kuɗin shekara. An sanar da kamfani a kan lokaci. Rahoton 'yan sanda ya zo. Lasin Salmanu na babbar mota ne, bai mutu ba. Ba fasinja, ba lodin da ya wuce ƙa'ida. Injiniyan kamfani ya ce gyara ya fi ƙarfin kuɗin motar.

"Doya ba ya ciki fa," in ji Akaa. "Wannan takarda na mota ne kawai. To, ina mai mota? Shi zai sa hannu."

"Ai ga ni, ranka ya daɗe."

"Kai ne Kyari?"

"Baba ne. Ya ba ni ita tuntuni, duk tasha sun shaida."

Akaa ya cire tabarau ya goge. Ya juya takardar ya nuna masa wani layi, ya fassara masa: idan mota ta bar hannun mai inshora ta koma ta wani, inshorar ta tsaya daga ranar, sai dai in an sanar da kamfani ya amince a rubuce.

"Kun gaya wa kamfani?"

"Kyauta ce fa, ba ciniki ba."

"Takarda bai san bambanci ba, malam. In mota naka ne, Alhaji ba shi da abin da ya ƙone, kai kuma ba ka da inshora. Ba wanda za a biya. In na Alhaji ne, kai direba, za a biya Alhaji. Baki ya ce ɗaya, takarda ya ce ɗaya. Ba zan yanke yau ba."

Ya buga hatimin a sake dubawa, ya rubuta sharaɗin canjin mallaka a ƙasa, ya ce su zo tare da Alhaji.

Da la'asar Salmanu ya je zauren. Alhaji Kyari ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi.

"Kai ma da saurin baki. Yanzu sai mu bar wa kamfani guminka? Ka bar mini maganar. Zan ce tawa ce, su biya, in miƙo maka ka nemi wata. Ni da na ba ka mota, kuɗinta ne zai tsone mini ido?"

Rekiya ce kaɗai ta yi tsaki da ta ji. "Malam, ka ce ya faɗi haka gaban mutum biyu."

"Baba zan kafa wa shaidu? Ke dai ba ki da ta-ido."

Ranar da suka je, Alhaji ya zauna a kujera, babbar rigarsa ta cika ofishin, Salmanu ya tsuguna a gefe kamar yadda ya saba. Alhaji ya ce motarsa ce, bai sayar ba, bai bayar ba. Yaro ne ya daɗe da ita har yake jin tasa ce. Ya yi dariya. Akaa bai yi ba, ya juya ga Salmanu.

"Tashi ka zauna a kujera, malam. Rannan ka ce naka ne. Yau fa?"

Salmanu bai tashi ba. Ya dubi siminti. "Yadda Baba ya faɗa, haka ne."

"Ka ji ni da kyau. In na buga wannan, suna ɗaya zai hau cak na banki, kuma ba Salmanu ba ne."

"Na ji."

Aka rubuta bayanin kowa, Alhaji ya sa hannu, Salmanu ya dangwala yatsa. Katin mota, rasit, takardar inshora, mai inshora da direbansa, duk sun zama baki ɗaya, Akaa ba shi da sauran abin riƙewa. Ya buga an amince, a ƙarƙashin sashe na ɗaya, asarar mota ta hanyar haɗari ko gobara: za a biya darajarta, ba fiye da abin da aka yi inshorar a kai ba, a cire kason da mai mota ke ɗauka. Ya aika Jos.

Salmanu ya so ya ciro injin, ko za a samu abin sayarwa. Akaa ya ce a'a, motar da kamfani ya biya gaba ɗaya, gawarta ta kamfani ce. Aka jawo ƙonanniyar roka aka bi da ita ta tsakiyar Lafia, ta wuce ta Shabu, ta ƙofar gidansa. A ƙofa ɗaya reshen dabinon bai gama ƙonewa ba.

Cak ya iso bayan kaka. Salmanu ya jira a kira shi. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa, ana hira a kan farashin taya da faɗuwar naira, ana sallamarsa. Wata safiya ya tarar da wata roka a ƙofar gidan, ta hannu ce amma lafiyayya, Abdulrahaman babban ɗan Alhaji yana zagaya ta. Ya shiga zaure ya durƙusa.

"Baba, na ga alheri a waje."

"Ta Abdulrahaman ce. Na ƙara kuɗi a kan na kamfani. Yana neman direba mai hankali, na ce masa ga ka."

"Baba, maganarmu fa?"

"Wace magana?" Alhaji bai ɗaga murya ba. "Ba kai ka dangwala yatsa gaban ma'aikacin kamfani cewa motata ce ba? Ko ƙarya ka yi musu?"

Mutum biyu daga cikin waɗanda suka ci goron kyautar suna zaune a wurin. Ɗaya ya shiga gyara hularsa, ɗaya ya tuna bai yi walaha ba.

Salmanu ya koma wurin Akaa da ƙafa, ya faɗa masa komai a tsaye.

"Zauna," in ji Akaa. "Abin da ka faɗa yanzu, in ka sa shi a rubuce, dole in buɗe fayil. Akwai sharaɗi a kan bayanin ƙarya: duk diyya ya faɗi. Kamfani zai bi Alhaji ya karɓi kuɗinsa, watakila har kotu. Kai ba za ka samu komai ba, kuma yatsanka yana kan takarda ɗaya da hannunsa. Ga biro, in kana so."

Salmanu ya dubi biron. Ya tuna wanda ya raɗa wa ɗansa suna. Ya sa hularsa ya fita.

Bai tuƙa rokar Abdulrahaman ba, bai tuƙa ta kowa ba. Ya koma kasuwar doya yana haɗa masu kaya da masu mota, da damina ya duƙa a gonar mahaifinsa da hannun nan mai tabo. Idan suka haɗu a masallaci yakan gaishe da tsohon maigidansa kamar yadda ake gaishe da kowane babba: "Alhaji, ina wuni." Sunan Baba bai sake fitowa daga bakinsa ba, kuma duk tasha sun lura.

Alhaji Kyari ya rasu a 1995. Kafin a ta da sallar jana'iza, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai bin mamaci wani abu. Tsofaffin direbobi suka waiwayo sahun baya. Salmanu yana tsaye, hannuwansa sun ɗan miƙe gaba. Bai ce yana bi ba. Liman ya ce to a yafe wa mamacin, jama'a suka amsa gaba ɗaya, sun yafe. Wanda ke kusa da Salmanu ya ce bai ga leɓensa ya motsa ba.