Kuɗin Wata na Awakin Gwaggo

A shekarun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kwanon gero ya gagari talaka, Yayana ya dawo gida daga Kano da karatunsa na kiwon dabbobi da wata dabara a ka. Matan karkararmu ta wajen Bagwai kusan kowace tana da awaki biyu ko uku, kuma duk shekara cuta sai ta ɗebi rabonta. Ya ce zai kafa ɗan kamfani: mace ta riƙa biyan naira dubu duk wata, shi kuma ya turo ma'aikaci a babur ya duba awakin, ya ba su maganin tsutsa, ya yi rigakafi. Jarin kuwa, gonar da Baba ya bar mana ya jinginar wa wani Alhaji mai sayen hatsi. Sharaɗin shi ne in ba a fanshe ta ba kafin shukar damina ta biyu, ta zama tasa. Inna ta yarda, ni kuma na yi ta mita har aka ce mini bakina ya cika ɗaci.

Yaya ba wawa ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. A zaure ya zaunar da ni ya yi mini lissafin. Kafin ya samu mace ɗaya ta shiga, tsakanin ladan matan da ke shiga gida-gida suna talla, da man babur, da gishirin lasa da yake bayarwa kyauta, yana kashe dubu biyar. A cikin dubun da take biya, in an cire magani da mai da albashi, ɗari biyar ce ke saura. Wato sai ta yi wata goma kafin kuɗin jawo ta ya dawo. "In ta yi shekara biyu, dubu goma sha biyu ke nan," in ji shi. "Na sa biyar na ɗauki sha biyu. Ina asarar?"

Na ce, "Wa ya ce maka za ta yi shekara biyu?"

Ya yi dariya. "Ke dai malamar firamare ce. Mai akuya tana rabuwa da akuya ne?"

Mata suka yi ta shiga, har sai da na fara jin kunyar mitata. Abin da duk ba mu gani ba shi ne, yawancinsu kara suka yi wa Inna. Ɗan gidan marigayi Malam, wato Babanmu, ya aiko, ta yaya za a ce a'a? Sai su biya wata uku, huɗu, sannan yunwa ta matso, a kai akuya kasuwa a auno hatsi. Kuma a wajenmu ba mai duban idonka ta ce ta daina. Cewa take, "Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu." Yaya ya ɗauki maganar da gaske, yana ƙidaya su cikin masu biya, babur yana ta zarya ƙofar gidajensu. Da ya ga kuɗi ba sa shigowa, sai ya ƙara masu talla. Alhali mace mai wata huɗu dubu biyu take barin masa, shi ya kashe biyar a kanta. Duk sabuwar da ta shiga, wani ramin dubu uku ne.

Ranar da ya gane, tare muke. Mun je gaishe da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita ce ta fara shiga kuma ba ta taɓa fashin biya ba. Tun da daɗewa take aiko da kuɗinta, tana cewa kada a wahalar da mai babur, awaki lafiyarsu ƙalau. Muka shiga muka tarar da turaku ba ko ɗan akuya, ƙasar wurin a share.

"Gwaggo, ina awakin?"

Ta kau da kai. "Tun kafin azumi na sayar, ɗan nan. Hatsi ya ƙare."

"To kuɗin me kike aiko mini?"

"Na ji ana cewa mutane sun janye. Na ce kada a ce har da ni."

Kuɗin kitson da take yi ne. Yaya ya durƙusa a wurin. Ni da na daɗe ina jiran ranar da zan ce ai na faɗa, sai tausayinsa ya hana ni. A wannan makon ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ba ya tambayar kuɗi, turke kawai yake leƙawa. Da ya gama ya sallami masu talla, ya sayar da baburan. Abin da ya haɗa bai kai rabin kuɗin fansa ba.

Da ruwan shukar damina ta biyu ya sauka, 'yan ƙwadagon Alhaji suka shiga gonar da sassafe. Daga bayan dangarmu ana jiyo su. Inna ta sa aka sauko da damin geron da ta ware na iri, ta kwance shi a tsakar gida, ta miƙo mini taɓarya.

"Sussuke shi," ta ce. "Yau da shi za mu yi tuwo."