Takardar Tashinmu Daga Sharaɗa

Ina tsaka da markaɗa wa wata maƙwabciya wake Baban yara ya shigo, ko keken nasa bai tsaya jinginewa ba. Daga Challawa yake, inda yake aiki a kamfanin jimar fatu, amma ranar ya biya ta bayan Ɗorayi, wurin ginin da muka shekara da shekaru muna ɗora wa bulo ɗaya-ɗaya. Ya yi magana, ƙarar inji ta hana ni ji. Na kashe.

"An buga kwano," in ji shi. "Duka ɗakunan."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Maƙwabciyar nan ta ajiye bokitinta ta kama ni muka yi ta juyi a tsakar gida, hannuna duk ƙullu. Yara suka fito suna tsalle, su ma ba su san abin da ake wa murna ba.

Gidan da muke haya a Sharaɗa na wani dattijo ne, haifaffen nan, manomi tun kafin kamfanoni su zagaye garin. Da ma'aikata suka yi yawa sai ya yanki gefen gonarsa ya jera ɗakuna. Alhaji muke ce masa. Sha'anin takardu kuwa yana hannun babban ɗansa, akawu ne a wani kamfani a Bompai. Shi ya rubuta yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar da muka shigo. Na lalubo ta a ƙasan akwati. Abu biyu ta ce game da tashi: mai haya zai ba da sanarwa a rubuce wata uku kafin ya fita, kuma zai bar wuri yadda ya same shi.

Da yake ni na yi sakandare, ni na riƙe biro. Baban yara ya zauna bakin katifa yana faɗa mini.

"Rubuta, za mu tashi bayan damina in Allah ya yarda."

"Bayan damina ai ba rana ba ce. Su za su nemi wanda zai shiga, dole su san ranar da za su ce masa."

"To idan ranar ta zo gini bai kammala ba fa?"

"An buga kwano fa! Me ya rage?"

Ɗoki ne ya sa ni faɗin haka, don abin da ya rage da yawa. Muka lissafa, kuɗin hayarmu na shekara zai ƙare ƙarshen Oktoba, ga shi muna cikin Yuli. Na rubuta da manyan baƙi: ranar ƙarshe ta watan Oktoba. Na sa "in sha Allahu" a gabanta.

Sai batun yadda za mu bar wurin. Nan muka ɗaga kai muka dubi abin da muka yi wa gidan mutane. Ɗaki biyu muka kama, kowanne da ƙofarsa ta waje, amma da yara suka fara girma muka nemi izini muka fasa bango muka yi ƙofa a tsakani. Ga rumfar kwano da muka kafa a tsakar gida, ga dakalin siminti da aka ɗaure injin markaɗena a kai. Bangon ɗakin yara kuwa ya sha zanen gawayi. Na rubuta za mu toshe ƙofar da bulo mu yi mata filasta, mu kwance rumfa, mu fasa dakali mu daɓe wurin, mu yi fenti, mu sauya gilashin tagar da ƙwallo ta fasa, mu biya rabonmu na kuɗin wuta har zuwa ranar, sannan mu miƙa makullai hannu da hannu. Baban yara ya sa hannu. Washegari ya yi mata hoto a shagon bakin titi, ta zama biyu.

Ranar Lahadi muka je wurin Alhaji tare, don matarsa Hajiya tamkar uwa take a wurina. Muka same shi a zaure da ɗan nasa. Bayan gaisuwa Baban yara ya miƙa takarda da hannu biyu. Alhaji bai karɓa ba. Ya dube ta, ya dube mu.

"Me na yi muku?"

"Wallahi Baba ba ku yi mana komai ba sai alheri."

"To takarda tsakanina da ku? Ni a sanina sai an yi rigima ake kawo wa mutum takarda."

Ɗansa ne ya cece mu. Ya karɓa ya karanta a fili, tun daga sallama har sa hannu. Da ya zo inda na rubuta Allah ya hore mana namu gidan, sai Alhaji ya gyara zama.

"Naku? Na kanku?"

"Namu, Baba."

Ya ɗaga hannu ya yi ta addu'a, ya ƙwala wa Hajiya kira ta zo ta ji. Ɗan ya rubuta a ƙasan takardun biyu cewa ya karɓa, ya sa kwanan wata da hannunsa, ya ba mu ɗaya.

Ba a rufa wata ba ɗakunan suka samu masu shiga. Na yara aka ba wasu samari biyu 'yan Nijar masu aiki a kamfanin robobi. Namu kuwa wani ɗan Jigawa ya kama, abokin aikin Baban yara, wanda za a kawo wa amarya. Da ya ji ranar da muka rubuta sai ya aika gida, aka tsayar da biki a makon farko na Nuwamba.

A lokacin ne ruwan Agusta ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Hanyar ginin namu ta zama kududdufi, motar yashi ta kasa shiga, magini ya tafi ƙauye noma. Satumba ta raba, ba ƙofa ko ɗaya a gidan, ba daɓe, masai ko rufi ba a yi masa ba. Wata safiya Baban yara ya ce, "Bari in je in roƙi Alhaji ya ƙara mana wata guda."

"Alhaji zai ƙara. Amarya fa, a ina za a sauke ta?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Ke kika rubuta Oktoba, ke za ki ɗauki kwanon siminti."

Na kuwa ɗauka. Ya faɗa wa abokan aikinsa halin da ake ciki, angon nan ya fi kowa zaƙewa tunda shi abin zai shafa. Duk Lahadi sai su taru a ginin, wasu daga aikin dare suke ko gida ba su je ba. Wannan na kwaɓa siminti, wancan na tura yashi a baro daga inda mota ta zube shi. Wani mai walda a kamfaninsu ya haɗa mana ƙofofin ƙarfe. Ni da matansu muna gefe mun ɗora tukunyar shinkafa da wake, in na samu sarari in jawo musu ruwa. Ana aiki ana tsokanar ango, wai kada ya bari siminti ya cinye masa hannu kafin ranar kamu. Ban taɓa gajiya mai daɗi irin ta waɗannan ranakun ba.

A gidan haya ma aiki muke. Magini ya dawo, ya toshe ƙofar tsakani. Ƙaramar 'yata ta tashi daga barcin rana ta nufi wurina kamar kullum, ta tarar da bango. Ta tsaya tana dukansa tana kuka, ni kuma ina ɗaya ɓangaren dariya ta hana ni amsawa, sai da yayanta ya zagayo da ita ta waje.

Saura rumfa da dakali. Ranar da Baban yara ya aro guduma zai fasa, sai ga Hajiya da kanta, matan layinmu na biye da ita.

"Dakata, ɗan nan," in ji ta. "In kun tafi da injinku, ina matan nan za su kai markaɗe? Sai bakin titi. Ku bar mini rumfar da dakalin, ni zan sa nawa injin."

Baban yara ya sauke guduma. Ni kuma na ce, "Hajiya, mun fi kowa son haka. Amma mun rubuta za mu fasa. Kada ranar dubawa a ga mun saɓa."

"Ke da takardarki!" Ta yi dariya, amma ta aika aka kira ɗanta. Ya zo ya rubuta a ƙasan takardarsu da tamu cewa mai gida ya amince a bar rumfa da dakali yadda suke, ya sa hannu, Baban yara ya sa. Kwanon rumfar muka bar mata kyauta. Matan suka yi ta shi mana albarka kamar mun raba musu zannuwa.

Ranar ƙarshe ta Oktoba tun bayan asuba a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida. Aka loda gado da katifu da kwanuka, aka ɗaure injina a baya. Na share ɗakunan na goge, warin sabon fenti har ya sa ni atishawa. Da hantsi Alhaji ya shigo da sandarsa, ɗansa na riƙe da takarda yana karanta abin da muka yi alkawari, yana dubawa. Ya shafa inda ƙofar take a da, ya leƙa taga, ya karɓi rasiɗin wuta. Alhaji bai duba komai ba, yana tsaye tsakar ɗaki riƙe da hannun ƙaramar 'yata.

"Ko da na ba ku shi bai kai haka kyau ba," ya ce.

Baban yara ya durƙusa ya miƙa masa makullai. Muka yafi juna. Ango yana bakin ƙofa da tabarmarsa a naɗe, sai murmushi yake, Alhaji ya juya ya danƙa masa na ɗakinmu a nan take. Hajiya ta sa aka ɗora mana damin gero sabon yanka a kan kaya.

Ni da yara muka shiga gaba kusa da direba, Baban yara ya hau saman kaya yana riƙe da madubi. Muka ratsa ta gaban kamfanoni, masu gadi da suka san shi suna ɗaga masa hannu, shi kuma yana ɗaga musu madubin. Da muka iso, mota ba ta gama tsayawa ba yara suka dire, suka ruga ciki suna rigimar wanda zai kwana kusa da taga. Bangon ko filasta babu, tagogin ma buhu muka rataya musu. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na yi bisimilla, na shiga da ƙafar dama. Ina cikin zagaya ɗakunan sai na ji sallama: wata tsohuwa ce daga gidan da ke kallon namu, ɗauke da tulun ruwa da kwanon ɗanwake, tana tambaya ko mu ne baƙin.