Gilashin da Na Sauya

Shekarar da muka koma unguwar Dutse Uku a Jos, wajen ƙarshen shekarun saba'in, maigidana, Malam, yana gyaran kayan awon ƙasa na wani kamfanin kuza. Aiki mai son natsuwa a gida yake yinsa, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa. Ni nake riƙe masa ƙananan kusoshi a faranti, har na san inda kowanne yake shiga. Yakan ce mini 'yar boko, don na gama sakandare.

Wata Litinin safiyon kamfanin, wato mai yi musu awon ƙasa, wani dattijon Birom mai fara'a, ya kawo madubin da yake hango sandar awo da shi, ya ce hazo ya rufe shi, kuma ranar Alhamis za su auna hanyar ruwa. Gilashin gaban madubin ba ɗaya ba ne, biyu ne manne da juna: ɗaya mai tudu, ɗaya mai kwarmi wanda ya fi nauyi. Danƙon da ya haɗa su ne ya tsufa. Malam ya ɗumama su a hankali ya raba, ya wanke, ya mayar da su cikin zoben tagullarsu ba danƙo, don al'adarsa ce ya gwada kafin ya manne.

Ranar Laraba da hantsi yana wurin aiki aka kece da ruwa da ƙanƙara, irin na Jos. Kwanon ɗakin ya fara yoyo daidai kan teburinsa. Na ruga na ɗauke tiren da zoben yake ciki, santsi ya kwashe ni, zoben ya gangara. Mai tudun ya faɗa kan tabarma lafiya. Mai kwarmin ya bugi ƙafar tebur, gefensa ya ɓantare kamar ƙwayar gero biyu.

Na yi salati, na zauna a ƙasa. Kaya ne na kamfani, kuma na sha jin Malam yana cewa irinsa sai an aika ƙasar waje. Sai idona ya kai kan gwangwanin da yake tara tsofaffin gilasai. Na tona, na sami wani mai kwarmi, faɗinsu ɗaya, ya zauna a kan mai tudun kamar don shi aka yi. A raina na ce ai gilashi gilashi ne. Na saka, na ɗaure zoben, na ƙulle ɓantararren a bakin zanena. Allah ya yafe mini, har abinci na ci bayan nan.

Bayan la'asar gari ya washe. Malam ya ɗaura zoben a jikin madubin bai buɗe ba, ya kafa shi a kan ƙafafunsa uku a tsakar gida, ya jingina sandar awo can jikin katangar ƙarshe. Ya leƙa. Na ga yana ta murɗa maɓallin daidaitawa fiye da yadda ya saba. Ya ɗago, ya goge idonsa da hannun riga, ya sake leƙawa. Sai ya ja kujera ya zauna.

"Malam, lafiya?"

"Kin tuna yadda ciwon Baba ya fara?"

Na tuna. Mahaifinsa ya fara ne da ganin bakan gizo kewaye da fitila, kafin shekara biyu sai da jagora.

"Kowace lamba a sandar can ta yi baki da launi," ya ce. "In na murɗa nan ja, in na murɗa can shuɗi. Gilashi in shi kaɗai ne yake yin haka. Ni kuwa biyu na saka da hannuna, kuma su ne abokan juna tun daga inda aka ƙera su. To saura me? Saura ido."

Ya ce gobe zai mayar wa safiyo kayansa, ya gaya wa manya su nemi wani, don mai gyaran kayan awo da ba ya gani daidai zai sa a haƙa rami inda ruwa zai ci mutane. Yana maganar a hankali, yana kallon tafin hannunsa. Ɓantararren gilashin yana taɓa cinyata ta cikin zane.

Can ya ce, "Zo ki leƙa, 'yar boko. Idonki sabo ne. In ke ba ki gani ba, shi ke nan."

Na sunkuya. Ga lambobin nan baƙaƙe, kowacce da zare ja-ja a gefe, ga bakin katanga yana ƙyalli da launi. Da na ce ban gani ba, asirina ya rufu, shi kuma ya kwana da makanta a zuciyarsa. Na daɗe a sunkuye, ba don ina kallo ba.

"Na gani," na ce. "Kuma na san dalili."

Na kwance bakin zane na miƙa masa. Ya juya gilashin a hannunsa, ya dubi ɓantarar, ya dube ni. Na faɗi komai, har da gwangwanin. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya rufe fuska da hannu biyu yana ta alhamdulillahi, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Da ya natsu ya ce, "Faɗuwar ƙaddara ce. Ɓoyewar ce taki." Wannan kaɗai ya faɗa, kuma ta ishe ni.

Ya kwance zoben, ya ɗora mini gilasan biyu masu kwarmi, ɗaya a kowane tafi. Na asalin ya fi nauyi ƙwarai. Cikin ruɗani ban lura ba. Ya ce dalma ce a cikinsa. Ya tambaye ni ko na tuna gilashin nan mai kusurwa uku da aka nuna mana a makaranta yana raba haske launi-launi. Mai tudun ma haka yake yi: yana tanƙwara haske ya tara shi, amma shuɗi ya fi ja tanƙwaruwa, sai shuɗi ya haɗu kusa, ja ya haɗu nesa. Mai dalmar ya fi ƙarfin raba launi, kuma da yake kwarmi ne, baya yake mayarwa. Yana soke rabuwar launin, amma tara hasken sashe kawai yake ragewa, sai ja da shuɗi su sauka wuri ɗaya. Wanda na saka kuwa irin gilashin mai tudun ne, bai da abin da zai gyara.

Ɓantarar tana can gefe, inda zobe ke rufe rabinta. Ya shafa mata baƙin fenti don kada ta watsa haske, ya ɗiga sabon danƙo mai kama da zuma, ya manne su da ɗumi, yana matsawa har kumfar ƙarshe ta fita. Ni na riƙe faranti.

Da safe ya sake kafa ƙafafun, ya gwada saitin madubin daga wurare biyu, ya gyara. Na leƙa: lambobi baƙi ƙirin, sai ɗan ɗis na launi a bakin katanga in ka ƙura ido, wanda ya ce ko sabo ba ya rasa shi.

Safiyo ya zo da hantsi. Kafin ya taɓa kayan, Malam ya nuna masa baƙin tabon, ya ce a gidansa aka yi. Ina bayan labule ina saurare. Dattijon ya leƙa ya daɗe, ya karanta lamba da ƙarfi, ya sake karanta wata.

"Malam, wannan ya fi idona gani," ya ce. "Wane ne ya fasa?"

"Mataimakiyata."

"To a bar ta a aiki," ya ce yana dariya, ya saɓa ƙafafun a kafaɗa.

Ban bar maganar ido ba duk da haka. Sati na zagayowa na matsa masa sai da ya je asibiti aka duba. Ya dawo ya ce likita ya ce lafiya lau, sannan ya ɗauke gwangwanin ya ɗora can saman kabad.