Mangwaron da Ya Ƙi Ja

A garkarmu ta Filinge babana ya dasa mangwaro mai aure da ya sayo daga Baleyara. Shekarar da ya fara ƴaƴa, Baba ya kafa doka: kada wanda ya taɓa sai bawon ya yi ja, kamar ƙananan mangwaron gargajiya da muka saba sha.

Muka yi ta jira, bawo na nan kore shar. Jemagu kuwa ba su san da dokar ba, kullum da safe sai mu tarar da ƙwallaye a ƙasa, an siɗe su tas.

Ran nan innata ta gaji. Ta latsa guda, ya lotsa kaɗan, ta sansana wajen hancinsa, ta tsinke, ta yanka a gaban Baba. Ciki jawur, ya yi laushi, tsamin duk ya koma zaƙi, wajen ƙwallon har ya fara lugub.

"Malam, daga ciki mangwaro yake fara nuna," in ji ta. "Wannan irin ko ruɓewa zai yi, da koren bawonsa."

Baba ya ɗanɗana, ya daɗe yana duban ƙwallayen da ke ƙasa.

"Ashe jemagu na yi wa gadi," ya ce.